Na ɗauka riba nake ci, ashe jarin Yayana ne

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Duk mai ƴar sana'a a hostal ko a aji, ko turare ne, ko caja, ko cincin, don Allah ya daure ya karanta har ƙarshe.

Ina mastas a Jami'ar Maiduguri. Kun dai san yadda karatun yake: kuɗin makaranta daban, kuɗin fotokofi daban, ga data, ga kuɗin Keke Napep daga cikin gari zuwa titin Bama kullum. Na gaji da roƙon gida, sai na ce wa Yayana ya ranta mini jari, zan biya shi in shekara ta zagayo. Ya turo, na haɗa da ɗan abin da ke hannuna, na fara da kaya uku. Turaren wuta da humra ina ɗaukowa wurin wata Hajiya a Gwange mai haɗawa da kanta, mayafai kuma ina saro su a Kasuwar Monday. Duka-duka da kuɗin mota, naira 121,600 na zuba.

Ciniki ya yi kyau, Alhamdulillahi. Cikin ƴan makonni na tara abin da na rubuta a bayan littafin lakca, na ga na sayar da kayan 124,000, ga kuma sauran kaya a ɗaki. A raina na ce shi ke nan, uwar kuɗi ta dawo, abin da ya rage duk nawa ne. Daga nan na saki hannu. Yau in ciri na data, gobe na buga takardu, jibi na ankon bikin ƙawa.

Ranar da na shirya komawa sari, na zauna na haɗa abin da ke asusu da na jaka. Naira 67,000. Na sake ƙirgawa, 67,000 ɗin dai. Wallahi sai da gumi ya karyo mini. Ba wanda ya sace mini ko sisi, amma na kasa faɗa wa kaina inda kuɗin suka shiga, kuma ban san wanne daga cikin kayan nan uku ke kawo riba ba, wanne ke cinye ta. A daren na buɗe laftof, na ɗauko littafin lakcan da alat ɗin banki, na fara gina jadawalin da zan ba ku labarinsa. Da Google Sheets na yi, amma duk fomulolin nan suna aiki a Excel.

Kuskuren da na fara yi shi ne na so in cusa komai a shafi ɗaya, in riƙa goge adadin kayan da suka rage ina rubuta sabo duk lokacin da na sayar. Wata ƙawata da ke karantar akanta ta leƙo ta ce, "Ke, littafinki kawai kika mayar cikin kwamfuta. Abin da ya faru shi ake rubutawa da hannu. Abin da ya rage da riba, lissafi ne ke fitar da su." Maganar nan ita ce ginshiƙin komai. Sai na raba shi shafi uku.

Shafi na farko na sa masa suna Sari. Duk ranar da na sayo kaya, layi ɗaya nake ƙarawa. A ginshiƙin A rana, B lambar kaya, C adadi, D kuɗin kayan gaba ɗaya, E kuɗin ɗauko su, wato keke da leda da duk abin da na kashe kafin su iso ɗakina. F kuma tana haɗa D da E da kanta.

Shafi na biyu Ciniki. Duk abin da ya bar hannuna, layi ɗaya. A rana, B lambar kaya, C adadi, D farashin guda ɗaya, E yadda ya fita, ko kuɗi hannu, ko bashi, ko kyauta, ko asara. F tana ninka C da D.

Shafi na uku Kaya. A nan lamba da suna kawai nake rubutawa, a A da B. Turaren wuta T01, humra H01, mayafi M01. Sauran duk fomula ce. Ga abin da na sa a layi na biyu, daga C zuwa H, sannan na ja shi ƙasa:

```
C2  =SUMIF(Sari!B:B,A2,Sari!C:C)
D2  =SUMIF(Ciniki!B:B,A2,Ciniki!C:C)
E2  =C2-D2
F2  =IFERROR(SUMIF(Sari!B:B,A2,Sari!F:F)/C2,0)
G2  =SUMIF(Ciniki!B:B,A2,Ciniki!F:F)
H2  =G2-D2*F2
```

Kada tsawonsu ya tsorata ku, kusan duk abu ɗaya ne. SUMIF cewa take yi: je wancan shafin, nemo duk layin da ke ɗauke da lambar nan, ki tara mini adadinsu. Saboda haka C tana faɗin nawa suka shigo, D nawa suka fita, E nawa suka rage. F tana faɗin nawa guda ɗaya ya tsaya mini har da kuɗin mota, ita kuma IFERROR ɗin da ke jikinta don kada ta yi ihu ne idan kaya bai shigo ba tukuna. G jimlar ciniki ce. H ita ce ribar: abin da aka sayar, a cire kuɗin sarin abin da ya fita kaɗai, ba na duk abin da aka saro ba.

Da na gama shigar da tsofaffin bayanai, turaren wuta ya fito fes. Kwalba 24 na saro a kan 1,500 kowace, 36,000 ke nan, kuɗin keke da leda 2,400. Kowace kwalba ta tsaya mini 1,600. Na sayar da 20 a kan 2,500, ciniki 50,000, sarinsu 32,000, riba 18,000. Mayafi ma bai ba ni kunya ba, na sayar da bakwai cikin goma, ya bar mini 9,800.

Humra ce ta ba ni mamaki. Ita ce kayan da nake alfahari da su, ita kowa ke tambaya a aji. Kwalba 12 na ɗauko, kowace ta tsaya 3,100. Na sayar da takwas a kan 4,000, ciniki 32,000. Amma da na duba kwali, ɗaya ce kawai ta rage, jadawali kuwa yana cewa huɗu. Sai na tuna: ɗaya na ba Antina, ɗaya na kai wa amarya, ɗaya kuma ta fashe a jaka cikin keke wajen Kwastan. Na shigar da ukun nan a shafin Ciniki da farashi sifili. Nan take kuɗin sarin kwalba 11 ya zama 34,100, riba ta koma faɗuwar 2,100. Ban tsaya nan ba, na duba alat na ga uku daga cikin takwas ɗin bashi ne, naira 12,000 da har ranar ba su shigo ba.

Ku riƙe wannan da kyau: kyauta da fashewa dole su shiga shafin Ciniki. In ba ku rubuta su ba, jadawali zai ci gaba da nuna muku kayan da babu su, da ribar da ba ku samu ba. Ba cewa nake a daina kyauta ba, alheri danƙo ne. Amma ki san daga aljihunki kika yi ta.

Da na haɗa duka, ribar gaskiya 25,700 ce. Ni kuwa na ciri 45,000 na kashe. Ma'ana na ci ribar duka, na ɗora da 19,300 daga jarin Yaya. Na gwada ta ɗaya hanyar don in tabbatar: kuɗin hannu 67,000, sauran kaya a farashin sari 23,300, bashin da nake bi 12,000. Jimla 102,300, maimakon 121,600 da na fara da su. Gibin daidai 19,300. Ban ji daɗi ba, amma a karon farko na san girman ramin da nake ciki, kuma na san ni na haƙa shi.

Na ɗauka an gama. Ashe babban darasin yana gaba.

Bayan kwana biyu na koma Gwange. Na ce, "Hajiya, dozin biyu kamar na wancan karon." Ta ce, "Ƴata, kayan haɗi sun tashi, yanzu kwalba dubu biyu ce, kuma don ke ce." Ba sabon abu ba ne, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mun saba a bar farashi nan a dawo a tarar da shi can. Na biya 48,000, kuɗin keke da sauransu 3,600, jimla 51,600. Kowace kwalba ta tsaya 2,150.

Na dawo ɗaki na shigar da sarin a ƙarƙashin T01. Ina dubawa sai na ga ribar turare ta sauka daga 18,000 zuwa 12,500. Ban sayar da komai ba, ban yi kyauta ba, amma 5,500 sun ɓace. Na yi ta duba fomuloli ina zaton na taɓa wani abu. Ban taɓa ba. Fomular F ce take yin abin da na sa ta: ta haɗa sari biyu, 90,000 a raba 48, ta samu 1,875, sannan ta ɗora wannan farashin a kan kwalba 20 da na riga na sayar tun kafin tsadar ta zo. Wato sabon farashi ya koma baya ya gyara tarihi. Kuma illar ba a baya kaɗai take ba. Sababbin kwalaben da suka tsaya mini 2,150, ita za ta riƙa lissafa su 1,875, ta nuna mini ribar da ta fi ta gaskiya a kan kowace.

Alamar wannan ciwo a bayyane take. In kun shigar da sabon sari kuka ga ribar jiya ta motsa, to jadawalinku yana cakuɗa tsohon farashi da sabo. A inda farashi ke zaune wuri ɗaya ba za a ma lura ba. A kasuwarmu ta yanzu kuwa, zai iya ɓatar da mutum.

Maganin da na samu mai sauƙi ne, ko fomula ɗaya ban canza ba. Kowane sari na ba shi lambarsa. Na farko ya koma T01-1, na biyu T01-2, kowanne da layinsa a shafin Kaya. Na gyara lambobin a tsofaffin layukan Sari da Ciniki, na ɗauki maka na rubuta 1 ko 2 a gindin kowace kwalba. In na sayar, sai in juya kwalbar in ga lambarta. Ina kuma fara fitar da tsofaffi kafin sababbi. Nan take 18,000 ta dawo mazauninta. In ina son ganin ribar turaren wuta gaba ɗaya, ga abin da nake sawa a gefe:

```
=SUMIF(A:A,"T01*",H:H)
```

Tauraron nan yana nufin duk lambar da ta fara da T01, ko me ya biyo baya.

Da layin T01-2 ya tsaya shi kaɗai, sai ya nuna mini abin da na so in kau da kai daga gare shi. In na ci gaba da sayarwa 2,500, ribata a kwalba ta sauka daga 900 zuwa 350. Kwalba ɗaya ta fashe, ribar shida ta tafi. Sannan ga wani lissafin da ya fi wannan ciwo. Kwalba 20 da na sayar sun kawo 50,000, amma mayar da 20 ɗin a sabon farashi yana cin 43,000. To daga cikin ribar 18,000, dubu bakwai ce kawai zan iya ɗauka in kashe ba tare da kwalina ya ragu ba. Sauran 11,000 tsadar kaya ta riga ta yi musu rijista. Jadawali bai yi ƙarya ba da ya ce 18,000, amma ba duk riba ake ci ba. Tun daga ranar, da farashin sarin ƙarshe nake yanke farashin sayarwa, ko da tsohon kaya ne a hannuna. Na mayar da turare 3,000. Mutum biyu sun yi ƙorafi, sauran sun saya.

Yanzu bari in faɗa muku ƙananan abubuwan da suka wahalar da ni, don kada ku sha irin wahalar.

Na ɗaya, rubuta lamba da hannu. Wata rana na sayar da mayafi biyu, na shigar a waya, amma shafin Kaya bai rage komai ba. Ashe harafin O na buga a wurin sifili. A ido kusan ɗaya suke, a wurin SUMIF kuwa kaya biyu ne daban, kuma ba za ta yi gargaɗi ba, shiru kawai za ta yi ta tsallake layin. Haka ma in sarari ya maƙale a ƙarshen lambar. Maganinsa, a kwamfuta ku zaɓi ginshiƙin B na Ciniki da na Sari, ku shiga Data, sannan Data validation, ku sa ya riƙa ɗauko jerin lambobi daga ginshiƙin A na shafin Kaya. Daga nan zaɓa kawai za ku riƙa yi, ba bugawa ba. Ku yi wa ginshiƙin E na Ciniki haka shi ma.

Na biyu, sa harafi a cikin kuɗi. In kuka rubuta N2500 ko 2.5k, jadawali ya ɗauke shi rubutu, ba adadi ba, kuma lissafin layin zai lalace. Ga yadda ake ganewa: in ba ku canza tsarin ba, adadi yana jingina dama a cikin akwati, rubutu yana jingina hagu. Kuka ga kuɗi ya koma hagu, akwai matsala.

Saboda irin waɗannan kurakurai na ajiye akwati biyu a saman shafin Kaya, can gefe:

```
=SUM(Ciniki!C:C)-SUM(D:D)
=SUMIF(Ciniki!E:E,"bashi",Ciniki!F:F)
```

Ta farko mai gadi ce. Tana kwatanta duk abin da na rubuta ya fita da abin da shafin Kaya ya gani. Dole ta nuna sifili. In ta nuna biyu, akwai kaya biyu da lambarsu ba ta dace da kowane layi ba. Ta biyu tana faɗa mini nawa ne ke hannun mutane. In an biya ni, sai in je layin in mayar da "bashi" zuwa "kuɗi", adadin ya sauka da kansa. Sunan mai bashin ina sa shi a ginshiƙin G, kuma ba na nuna wa kowa shafin, don sirrin mutane ne.

Amma duk wayon fomula, abin da aka gaya mata kawai ta sani. Ba ta ganin cikin kwali. Shi ya sa duk ranar Juma'a da yamma nake zazzage kayan a kan katifa in ƙirga da hannu, in kwatanta da ginshiƙin E. In sun saɓa, ba na gyara adadin da ƙarfi, sai na nemo dalili. Yawanci ciniki ne na yi a bakin aji ina sauri ban rubuta ba. In kuwa E ta nuna ƙasa da sifili, to ko wani sari na manta, ko na zaɓi lambar tsohon sari alhali daga sabo na ɗauka. Dokata yanzu, kafin kwalba ta bar hannuna na shigar da ita. Na kunna Available offline a waya, ko babu netwok ina rubutawa, in ya dawo ya haɗe.

Akwai kuma abin da H ba ta lissafawa: datar da nake tallata kaya da ita, da kuɗin keken kai wa mutum kaya gida. Waɗannan ba na wani kaya ɗaya ba ne, saboda haka na buɗe musu ɗan shafi na huɗu. A nan nake rubuta su, tare da duk abin da na cira don buƙatar kaina. Ƙarshen wata sai in cire na sana'a daga jimlar riba, in duba ko abin da na cira wa kaina ya wuce abin da ya rage. Wannan shafin da na yi shi tun farko, da ban taɓa jarin Yaya ba.

Abu na ƙarshe, inda bayanan suke zaune. Mu ƴan Maiduguri ba sai an ba mu labari ba. Mun ga gobarar Kasuwar Monday a watan Fabrairun 2023, mun ga ruwan madatsar Alau da ya shigo gari a watan Satumban 2024. Hajiyar da nake sari a wurinta ta taɓa gaya mini cewa a ambaliyar nan, bayan kayan da ta rasa, har littafin da take rubuta masu bashi ruwa ya tafi da shi, sai wanda ya ji tsoron Allah ya kawo da kansa. In da Excel kuke aiki a laftof, ku riƙa tura wa kanku kwafi ta imel duk mako.

Na kira Yaya na faɗa masa gaskiya, har da 19,300 ɗin. Na zaci faɗa zai yi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To yanzu da kika san adadin, yaushe za ki cike?" Na ce ya ba ni wata uku. Humra na rage ta zuwa rabin dozin, kuma ba na ba da ita bashi. Har yanzu ban gama cike gibin ba, saura kaɗan, amma duk Juma'a ina ganin yana raguwa, kuma na san daga wace kwalba.

In kuna da sana'a, yau da dare ku yi lissafi ɗaya kafin ku gina komai: kuɗin hannu, da sauran kaya a farashin sari, da bashin da kuke bi. Ku haɗa su, ku kwatanta da jarin da kuka fara da shi. Wanda fomula ta ƙi masa aiki ya same ni a laburare bayan la'asar, mu duba tare. Masu riƙe mini kuɗin humra kuma, kun san kanku, jadawali bai manta ba.

Allah Ya sa albarka a nemanmu da karatunmu.